Jadawali ko zane: yadda za ka zaɓi wanda za ka kai gaban kwamiti a ƙarshen wata

Ma'ajin masallaci, sakataren makarantar Islamiyya da masu riƙe littafin ƙungiyar unguwa a nan Kumasi sun sha aiko da tambaya iri ɗaya: in lokacin zaman wata ya zo, shin lambobin a jera su cikin jadawali mai layi-layi, ko a mai da su zane mai sanduna, abin nan da 'yan boko ke kira giraf? Amsar ta danganta da abin da kwamitin zai yanke a ranar. In za su duba lissafi su sa hannu, jadawali suke bukata. In za su yanke shawara kan inda kuɗi suka dosa, zane ya fi saurin shiga ido. Ga yadda ake bin aikin daki-daki.

Don kada maganar ta tsaya a iska, za mu yi aiki da misalin da muka shirya don koyarwa: wani masallacin Juma'a a Aboabo, kwamitinsa mutum tara, akasarinsu dattawa da 'yan kasuwa, kuɗin shigarsa daga taimakon da ake tarawa ran Juma'a. Lissafin na wata shida ne na farkon 2025, kuma an shiga shekarar da sidi 2,300 a asusu.

Kayan aiki

Littafin ma'aji da rasidai, saƙonnin MoMo na watan, kwamfuta mai Excel ko Google Sheets, da takardar A4. Wanda ba shi da kwamfuta, takarda mai gida-gida da rula da biro baƙi sun ishe shi.

1. Rubuta tambayar kwamiti kafin ka taɓa kwamfuta

Ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya: mene ne waɗannan mutane za su yanke bayan sun ga lambobin? In ba ka sani ba, kira shugaba ka tambaye shi: "Alhaji, ranar Asabar me za a tattauna a kan kuɗi?"

Tambayoyin kwamiti kashi biyu ne. Akwai masu farawa da "nawa": nawa aka tara, nawa aka biya na wuta, nawa ya rage. Mai irin wannan tambaya lamba yake nema daidai wa daida, yana so ya ɗora yatsa a kanta ya gwada da rasidi, kuma zane ba zai ba shi wannan ba. Sai masu neman alkibla: abin ƙaruwa yake ko raguwa, wane wata ne ya fita daban, in aka ci gaba a haka ina za a kwana. Wannan aikin zane ne, domin ido yana gane tsawo da gajarta kafin ƙwaƙwalwa ta gama karanta lamba shida.

A misalinmu tambaya biyu ce a gaban kwamiti. Za su amince da lissafin watan Yuni, sannan ana son a ƙara wa mai shara da ladani ɗan alawus. Ta farko ta jadawali ce, ta biyu ta zane.

Gargaɗi: kada ka yi zane don kawai takarda ta yi kyau. Zanen da babu tambaya a bayansa cin lokacin zama yake yi, kowa ya fassara shi yadda ya ga dama.

2. Gina jadawali tukuna, ko da zane za ka ƙare da shi

Zane daga jadawali yake fitowa, in jadawalin ya karkace zanen ma ya karkace. Watanni su sauko daga sama zuwa ƙasa, kowane wata layinsa, bisa tsarin kalanda.

| Wata | Shiga | Fita | Bambanci | Ragowa a asusu |
|---|---:|---:|---:|---:|
| Janairu | 6,200 | 5,100 | 1,100 | 3,400 |
| Fabrairu | 4,900 | 5,000 | -100 | 3,300 |
| Maris | 9,400 | 7,800 | 1,600 | 4,900 |
| Afrilu | 4,700 | 5,300 | -600 | 4,300 |
| Mayu | 5,800 | 5,600 | 200 | 4,500 |
| Yuni | 4,500 | 5,700 | -1,200 | 3,300 |
| Jimla | 35,500 | 34,500 | 1,000 | |

In kanun suna layi na 1 kuma Janairu yana layi na 2, waɗannan ne za ka rubuta a gidajen D2, E2, E3 da B8, sannan ka ja D2 da E3 zuwa layi na 7, ka ja B8 zuwa D8:

```
=B2-C2
=2300+D2
=E2+D3
=SUM(B2:B7)
```

Lambobi su jingina da hannun dama, yadda ɗaruruwa za su zauna ƙarƙashin ɗaruruwa, dubbai ƙarƙashin dubbai. Sa waƙafin dubu ta hanyar `Format Cells`, ka zaɓi `Custom`, ka rubuta `#,##0`. Canjin da bai kai sidi ɗaya ba ya zauna a littafin ma'aji. Takardar kwamiti ba ta bukatarsa, sai in ranar binciken littafi ce.

Gargaɗi: kada ka rubuta alamar kuɗi da hannu cikin gidan lamba, kamar `GHS 6,200`. Excel zai ɗauke shi rubutu ne, ya tsallake shi wajen haɗa jimla ba tare da ya ce maka uffan ba, a zane kuma sandar watan ta kwanta a sifiri. Alamar da za ka gane ita ce lambar ta jingina hagu alhali 'yan uwanta suna dama, gidan Bambanci na watan kuma ya nuna `#VALUE!` maimakon lamba. Rubuta 6200 zalla, ka sa "duk a sidi" sau ɗaya a saman takarda.

Wannan "duk a sidi" ba ado ba ne. Tun 2007 aka yanke sifiri huɗu daga kuɗin Gana, sidi dubu goma na da ya zama sidi ɗaya, amma har gobe akwai dattawan da ke kiran sidi 100 miliyan ɗaya. In ka ce an tara dubu shida da ɗari biyu, wani a ransa miliyan sittin da biyu yake lissafawa, wani kuma bai san da wane kuɗin kake magana ba. Rubuta "sabon sidi" ɓaro-ɓaro, ka tsaya a kansa daga farkon zama zuwa ƙarshe.

3. Gwada jadawalin da tambayar

Yanzu duba tambaya ta farko. Nawa ya shiga a Yuni? 4,500. Nawa ya fita? 5,700. Nawa ya rage? 3,300, kuma ana iya gwada shi da abin da ke banki da MoMo da akwati. Jadawali ya gama aikinsa, zane ba shi da abin ƙarawa a nan.

Haka kuma duk lokacin da lambobin ba su wuce uku ko huɗu ba. Wata biyu kake kwatantawa? Jimla ɗaya ta wadatar: "A Mayu an tara 5,800, a Yuni 4,500." Sanda biyu a tsakiyar takarda ɓarnar tawada ce. Jadawali ne kuma ya dace in lambobin sun yi nisa da juna ƙwarai, misali gyaran rufi na sidi 12,000 a gefen sabulu da tsintsiya na sidi 80, don a zane sandar tsintsiya ba za ta ko ɗago daga ƙasa ba. Haka in ma'aunin ya bambanta, wannan kuɗi, wancan yawan ɗalibai, wancan buhun siminti.

Sai tambaya ta biyu: asusu zai ɗauki ƙarin alawus? A nan jadawalin yana yaudara. Idon kowa zai sauka kan layin ƙarshe ya ga rarar 1,000, a ce alhamdu lillahi, a ƙara. Amma cire Maris, watan da azumi ya cika shi kusan baki ɗaya a 2025, za ka ga sauran wata biyar ɗin giɓin 600 suka bari. Mutumin da ya wuni a kasuwar Kejetia ya zo zama bayan isha'i ba zai tsaya yin wannan ɗebewar a ka ba. In amsar tana ɓuya haka a cikin layuka, lokacin zane ya yi.

4. Daidaita lambobin kafin ka zana su

Nan ne akasari ake tuntuɓe. Watanni ba tsawonsu ɗaya ba. A 2025 Janairu da Mayu Juma'a biyar-biyar suke da ita, Fabrairu, Maris, Afrilu da Yuni huɗu-huɗu. In ka zana jimlar wata yadda take, sandar Mayu za ta yi sama, a zaci mutane sun ƙara buɗe hannu, alhali Juma'a ce ta ƙaru.

Ƙara gida biyu a gefe: F don yawan Juma'a, G don abin da kowace Juma'a ta kawo. Rubuta wannan a G2, ka ja shi zuwa layi na 7:

```
=B2/F2
```

Ga abin da zai fito: Janairu 1,240, Fabrairu 1,225, Maris 2,350, Afrilu 1,175, Mayu 1,160, Yuni 1,125. Ka ga Mayun da ya yi kamar farfaɗowa ashe ci gaba da sauka yake. In aka ajiye azumi gefe, kowane wata ya gaza wanda ya gabace shi. Wannan jerin ne ya cancanci zane.

Ƙungiyar da kuɗinta ba na Juma'a ba ne ta nemi nata ma'aunin: makaranta ta raba da yawan ɗalibai ko kwanakin karatu, shagon ƙungiya ya raba da ranakun da aka buɗe.

Gargaɗi: in za ka kwatanta bana da bara, tuna cewa azumi yana jawowa baya da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara. A 2024 ya ratsa Maris da Afrilu, a 2025 ya tattaru a Maris. Wanda ya gwada Afrilun bana da na bara bai faɗi haka ba, ya firgita dattawa a banza.

5. Zaɓi irin zanen

Ga wata shida zuwa goma sha biyu da abu guda da ake aunawa, sanduna a tsaye sun fi sauƙi ga wanda bai saba ba: kowane wata sandarsa, doguwa ta fi gajera. Zaɓi A1 zuwa A7, danne `Ctrl` ka zaɓi G1 zuwa G7, je `Insert` ka ɗauki `Clustered Column`. A Google Sheets kuwa `Insert` ne sannan `Chart`.

In watannin sun haura goma sha biyu, ko kana son nuna shiga da fita suna kusantar juna har ɗaya ya haye ɗaya, ɗauki `Line with Markers`. Layi biyu ya isa, uku shi ne iyaka, kuma ka rubuta sunan kowane layi a bakinsa maimakon tura mai karatu wani ɗan akwati a gefe ya nemo launi.

Zanen da'ira da ake yankawa kamar kankana, wato `Pie`, ba na watanni ba ne sam. Ba ya nuna wanda ya riga wani, kuma ido ba ya iya raba yankin 1,175 da na 1,160. Amfaninsa ɗaya: nuna yadda kuɗin wata guda ya rabu gida uku ko huɗu. Ko a nan ɗin ma sanduna a kwance, daga babba zuwa ƙarami, sun fi shi. Duk wani zane mai `3-D` a sunansa ka bar shi inda ka gan shi.

Gargaɗi: kada layin jimla ya shiga cikin abin da ka zaɓa. In ya shiga alhali kuɗin shiga na wata-wata kake zanawa, sanda ɗaya mai 35,500 za ta tokare sama, watannin su zama kututture a ƙarƙashinta.

6. Duba gindin sandunan

Sanda da tsawonta take magana, don haka dole ta tashi daga sifiri. Excel kuwa, in lambobin sun kusanci juna, yakan yanke gindin da kansa don bambancin ya fito. A ce ka zana kuɗin fita na Afrilu, Mayu da Yuni, wato 5,300, 5,600 da 5,700, kuma ma'aunin gefe ya soma daga 5,100. Sandar Afrilu za ta tashi da 200, ta Yuni da 600. A ido kashe kuɗi ya ninka uku, alhali ƙarin sidi 400 ne, bai kai kashi 8 cikin ɗari ba. Irin wannan zane ya isa ya sa a fara kallon ma'aji da wani ido, shi kuwa bai ci nanin ba.

Maganinsa: danna dama a kan lambobin gefe, zaɓi `Format Axis`, ƙarƙashin `Bounds` ka sa `Minimum` ya zama 0. A Google Sheets yana cikin `Customize`, sannan `Vertical axis`, gidan `Min`. Ka duba wannan kowane wata, musamman in ka sake zanen daga farko.

To, in an fara daga sifiri ai saukar 1,240 zuwa 1,125 za ta yi ƙanƙanta a ido. Haka ne, kuma gaskiyarta ke nan: sauka ce a hankali. Abin da zai fito da ita shi ne lamba a kan kowace sanda. Danna dama a kan sanda ka zaɓi `Add Data Labels`, sannan ka goge layukan da ke bayan zanen tunda aikinsu ya ƙare. Da haka zanen ya ɗauki rabin aikin jadawali.

7. Kanun zane ya faɗi abin da aka gani

"Kuɗin shiga 2025" suna ne kawai. Rubuta abin da kake so a gani: "Ban da watan azumi, taimakon Juma'a yana raguwa tun Janairu." A kan sandar Maris rubuta "azumi", ka sa ta ta fi sauran haske, don kada ta janye hankali daga zancen.

A ƙarƙashin zanen ƙara layi biyu da ke haɗa shi da shawarar. A misalinmu: kashe kuɗin Yuni 5,700 ne, wato a wata mai Juma'a huɗu ana bukatar 1,425 kowace Juma'a, ana samun 1,125, giɓin 300 ke nan. In shiga da fita suka tsaya yadda suke a Yuni, Agusta da Oktoba masu Juma'a biyar za su ɗan rage zafi, amma ragowar 3,300 za ta ƙare cikin Nuwamba, tun kafin a ƙara wa kowa sisi. Ka bayyana cewa wannan hasashe ne, kada ka cusa shi cikin jadawalin lissafin da ya riga ya faru.

8. Shafi ɗaya, baƙi da fari

Tunda tambaya biyu ce, takardar za ta ɗauki duka biyun: zane a sama, jadawali a ƙasa, shafi ɗaya na A4. Rubutu kada ya gaza lamba 12, ga dattawa 14 ya fi, domin ba kowa ke zuwa da tabarau ba kuma fitilar harabar masallaci ba ta ofis ba ce.

Bugun kala ya ninka baƙi da fari tsada sau da yawa a shagunan hoto-kwafi, kuma zanen da aka yi da kyau ba ya bukatarsa. Buga kwafi ɗaya, ka sa a ɗauki hotonsa, ka dubi na injin da idonka. Ja da kore sukan fito toka-toka iri ɗaya, shi ya sa giɓi ke bukatar alamar ɗebewa a gabansa, jan launi kaɗai ba ya isa. In sanduna kala biyu ne, ɗaya ta zama baƙa ƙirin, ɗaya toka mai haske. Kwamitin mutum tara, yi kwafi goma sha ɗaya: ɗaya na fayil, ɗaya na wanda zai zo ba zato.

Ko da akwai majigi, je da takarda. Wuta tana iya ɗaukewa a tsakiyar zama, kuma jadawali a bango ba ya karantuwa daga sahun baya.

In ta WhatsApp za ka tura kafin zama, kada ka tura fayil ɗin Excel. A waya yakan tarwatse, wani kuma ya taɓa lamba bai sani ba. Tura PDF. Zane yana jure ƙaramin allon waya, jadawali mai gida biyar kuwa sai an yi ta ja da yatsu, don haka in hoto ɗaya za ka tura, tura zanen, jadawalin ya jira takarda.

Mai zana da hannu ya ɗauki santimita ɗaya a matsayin sidi 200. Sandar Maris za ta kai kusan santimita 12, ta Yuni ta ɗan wuce 5 da rabi, duka su shiga rabin shafi.

9. Gwada takardar a kan mutum ɗaya kafin zama

Nemi wanda bai san lissafin ba, ko maƙwabci ko mai ɗakinka, ka miƙa masa takardar ba tare da bayani ba. Bayan ɗan lokaci karɓe ta ka tambaya: "Me ka gani?" In ya ce taimakon yana raguwa in ban da azumi, zanen ya yi. In ya ce Maris ya fi kowane wata ya tsaya nan, kanun bai fito ba, ƙara masa girma. In ya tambaye ka mene ne waɗannan lambobin na gefe, ka manta rubuta "sidi a kowace Juma'a". Sannan mayar masa da takardar ka ce ya nemo abin da ya rage a asusu a ƙarshen Afrilu. In yatsansa bai sauka kan 4,300 nan take ba, jadawalin ya cushe, rage gidaje.

A wurin zama fara da jadawali, a karanta layin Yuni, a gwada da rasidai, a amince. Sai an rufe wannan babin za ka ce, "Ranku ya daɗe, a duba zanen da ke sama." In ka fara da zane, wani dattijo zai katse ka da "Malam Ma'aji, tukuna, nawa ne a asusu?" kuma ba wanda zai saurari zancen alkibla sai an amsa masa.

Wata mai zuwa kada ka sauya fasali. Ƙara layin Yuli a ƙarƙashin Yuni, gyara `SUM` ya kai layi na 8, ka tabbata zanen ya ɗauko sabon watan ta `Select Data`, sannan ka sake karanta kanun: in Yuli ya tashi sama da 1,125, jimlar "yana raguwa tun Janairu" ta daina zama gaskiya, sai a sake ta.